Irin kefir a ƙasar zafi: yadda ake rayar da shi, da yadda ake gane kwalbar da ta lalace

Duk macen da ta taɓa kwantar da kindirmo ta san rabin aikin kefir. A tafasa madara, a bari ta huce, a saka mata iri, a rufe, a jira ta yi tsami ta kama jikinta. Sauran rabin ne ya sa muka ware wannan shafi, domin a nan ake yin asara. Irin kindirmo ludayi ɗaya ne na nonon jiya, in ya ƙare sai a roƙo wurin maƙwabciya. Irin kefir kuwa abu ne mai rai da ake kiwo kamar akuya. Yana ci, yana girma, yana rama, yana kuma mutuwa. In ya mutu ba a haɗa wani a gida, sai dai a nemo wurin wadda take da shi, kuma a garuruwanmu masu shi ba su da yawa.

Asalin kefir daga duwatsun Kokas ne, can kudancin Rasha, ƙasar sanyi. Yawancin bayanin da ke zuwa tare da irin an tsara shi ne don ɗakin da zafinsa yake tsakanin digiri 20 da 25, shi ya sa za ku ji ana cewa a bar shi awa 24. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba mu samun irin wannan ɗaki sai a watannin ɗari. Daga Maris zuwa Yuni, wadda ta riƙe awa 24 kamar farilla, irinta ne zai biya. Saboda haka abin da muke son a tafi da shi ɗaya ne: a duba madarar, kada a duba agogo.

Me ke cikin irin?

Irin kefir ba tsaba ba ce da ake shukawa. Ƴan dunƙule ne farare ko masu ruwan man shanu, kamar gugguru da ya jiƙa, daga girman ƙwayar shinkafa zuwa girman goro ƙarami. In an matsa lafiyayye da yatsa yana da taushi da ɗan tauri kamar roba, yana da santsi, ba ya murƙushewa. A cikinsa da jikinsa akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, dangi biyu manya. Na farko bakteriya ne masu mayar da zaƙin madara ya koma tsami, dangin waɗanda ke yin kindirmo. Na biyu yis ne, ɗan'uwan wanda ke kumbura fanke da burodi, shi ke ba kefir ƴar kumfa da ɗan cizo a harshe. Bakteriyar su ke saƙa wani abu mai yauƙi da ake kira kefiran, shi ne ginin gidan da duka suke zaune a ciki. Idan muka ce iri ya girma, gidan ne aka ƙara wa ɗaki.

Abincinsu zaƙin da ke cikin madarar dabba ne. Nonon saniya, na akuya da na tunkiya duk suna yi. Madarar gari mai cikakken mai ita ma tana yi, a dama kamar giram 125 a cika da ruwa zuwa lita ɗaya. Madarar waken soya ba ta da wannan zaƙi, ba za ta riƙe iri ba. Madarar gwangwani mai sukari da kauri ita ma ba abincinsa ba ce.

Akwai wani tsere da ke faruwa a cikin kowace kwalba, kuma wadda ta fahimce shi ta fahimci duk sauran bayanin. Madara mai daɗi abinci ce ga kowa, har da ƙwayoyin da ke ruɓar da ita da masu sa gudawa. Idan irin yana da ƙarfi, cikin ƴan awowi yake cika madarar da tsami, tsamin kuma shi ke tare wa miyagun hanya. Idan irin ya yi rauni, ko ya yi kaɗan ga yawan madarar, sai miyagun su riga shi. Idan kuma ya gama aikinsa aka bar shi a ciki, abinci ya ragu, tsami ya yi yawa, sai shi ma ya fara jigata. Lalacewar kefir kusan duka daga ɗayan biyun nan take: ko tsamin ya makara, ko an bar shi ya wuce gona da iri.

Aikin kullum

Kayan aikin ba su da tsada. Kwalba mai faɗin baki, irin ta mayonez da aka wanke sosai, matacin roba mai ƙananan ido, cokalin roba ko na ƙarfen nan da ba ya tsatsa wanda ake ce wa inokis, sai ƙyalle mai tsabta da igiyar ɗaurewa. A guji barin kefir a tukunyar dalma ko kwanon da ya fara tsatsa, domin tsami yana cin su. Ƙwaryar kindirmo ma a bar ta wa kindirmo. Ƙwarya tana riƙe irin nonon da aka saba zubawa a cikinta, kuma ba ta wankuwa kamar kwalba.

Ɗanyen nono sai an tafasa shi, ko daga garken gida ya fito. Akwai cututtuka irin su bakkale da tarin fuka na shanu da ke bi ta ɗanyen nono, kuma tsamin kefir ba abin dogara ba ne wajen kashe su. Ruwan da za a dama madarar gari ma a tafasa shi. Bayan tafasa sai a rufe a bari ya huce sarai. Nan ne hannun da ya saba da kindirmo yake yin kuskure, domin kindirmo yana son madara da ɗan ɗuminta, har a lulluɓe ƙwaryar. Kefir ba ya so. A ɗiga madarar a bayan hannu, in an ji ɗumi a ƙara jira. Madara mai zafi tana iya kashe irin a zuba ɗaya.

A lokacin ɗari, babban cokali biyu na iri, wato kamar giram 30, ya ishi lita ɗaya. A zuba irin a kwalba, a zuba madarar, a bar sarari kamar yatsu uku a sama, a rufe da ƙyalle a ɗaure saboda ƙuda da ƙura. A ajiye a inuwa, nesa da murhu da bangon da rana ke duka. A ɗan girgiza sau ɗaya ko biyu a tsakani, domin irin yakan taso sama ya bar madarar ƙasa.

To, yaushe ya yi? A karkata kwalbar a hankali. In madarar ta daina gudu kamar ruwa, ta kama jikinta kamar kindirmo marar kauri sosai, kuma an fara ganin ƴan aljifan ruwa mai ɗorawa-ɗorawa a gefe ko a ƙasan kwalba, to ya yi. Ƙamshinsa na tsami ne mai daɗi da ɗan ƙamshin ƙullun fanke. A juya da cokali, a zuba a mataci, a riƙa motsawa a hankali har kefir ya wuce irin ya rage. A mayar da irin kwalba mai tsabta, a zuba sabuwar madara nan take. Ba a wanke lafiyayyen iri da ruwa. Wannan yauƙin da ke jikinsa ba dauɗa ba ne, rigarsa ce. In ya faɗi ƙasa ko wani dalili ya tilasta, a ɗauraye shi da madara ko da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan da ke warin zabel kada ya taɓa shi, haka nan kumfar sabulun da ta rage a kwalba.

Wasu za su yi tambayar da ta dace: tun da akwai yis, babu giya a ciki? Yis ɗin yana fitar da ɗan abin maye kaɗan. A kefir da aka rufe da ƙyalle aka tace a kan lokaci, galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yana ƙaruwa idan aka ƙara sukari aka toshe kwalba da murfi aka bar ta kwanaki a wuri mai ɗumi. Shi ya sa muke cewa a tace da wuri, a sa sukari sai lokacin sha. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta kai wa malaminta wannan bayanin yadda yake, ya ba ta hukunci.

Misali: kwalba ɗaya daga Disamba zuwa Afrilu

Mu ɗauki misalin wata ƴar ƙungiya a Maraɗi da ta sami cokali biyu na iri a watan Disamba. Kullum da safe bayan sallar asuba tana tacewa, ta zuba lita ɗaya. Awa 24 cif, kefir yana fitowa da kauri da daɗi. Irin yana girma, domin a yanayi mai kyau yakan ninka cikin mako biyu zuwa huɗu. Ta ba maƙwabciya sau ɗaya, ta ba ƙanwarta sau ɗaya, amma ba ta aunawa. Zuwa ƙarshen Maris abin da ke kwalbarta ya kai cokali biyar, madarar kuwa har yanzu lita ɗaya ce.

Afrilu ya shigo. Da rana zafi ya haura digiri 40 a waje, ɗakin ma ko da dare ba ya sauka ƙasa da 30 sosai. Yanzu ma'aikata sun ninka fiye da biyu, zafi kuma ya ƙara musu sauri. Madarar da aka zuba da ƙarfe shida na safe ta kama tun kafin azahar. Da la'asar ta rabu biyu: farin dunƙule a sama kamar awara, ruwa tsararo a ƙasa. Daga nan har wayewar gari irin yana zaune cikin tsami mai yawa da zafi. Washegari kefir ɗin yana da tsami mai kashe haƙori, yana da wuyar tacewa, irin ya ɓuya cikin dunƙulen madara. Bayan kwana goma haka, sai ta ga dunƙulen irin suna raguwa, wasu sun baje kamar ƙyalle, yauƙin jikinsu ya tafi, warin yis ya rinjayi ƙamshin nono. Girma ya tsaya cak.

Wannan irin bai mutu ba, wahala ya sha. Gyaran abu uku ne, kuma tare ake yin su.

Na farko, a rage ma'aikata. A cire irin a auna, a bar cokali ɗaya ga lita ɗaya. Sauran huɗun a ajiye su ta hanyoyin da za mu kawo a gaba.

Na biyu, a gajarta lokaci. Maimakon sau ɗaya, a tace sau biyu, da asuba da kuma bayan magariba. Wadda lita biyu a rana ta fi ƙarfin aljihunta ta yi rabin lita da rabin cokali kowane zuwa, kuɗin madarar bai canza ba. Wadda take da firigo tana da wata dabara: ta bar kwalbar a waje da dare, ta sa ta a firigo da rana, sai zagayen ya koma kusa da awa 24.

Na uku, a nema masa sanyi. Gindin randar ruwa shi ne wuri mafi sanyi a yawancin gidajenmu. A tsayar da kwalbar cikin kaskon ƙasa mai ruwa, ruwan ya kai rabinta, a yafa jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye inda iska ke wucewa. Wadda ta fi haka ita ce tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu, dabarar da malamin nan Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa ta Najeriya. Ruwan da ke bushewa daga jikin tukunyar waje shi ke janye zafin. Tana aiki sosai a bazara lokacin da iska take a bushe, amma da damina ta sauka iska ta yi laima, sanyin nata yana raguwa. A riƙa jiƙa rairayin safe da yamma.

Da wannan gyara, cikin mako ɗaya zuwa biyu yauƙin yakan dawo, ƙamshin ya daidaita. Kada a sa ran girma mai yawa kafin zafi ya sauka. A bazara, in irin ya tsaya yadda yake bai rama ba, an ci riba.

Abin da ke ba da tsoro amma ba lalacewa ba ne

An zubar da kefir mai kyau da yawa saboda rashin sani. Rabuwa biyu, fari a sama ruwa a ƙasa, alamar wuce lokaci ce kawai. In ƙamshin na tsami ne, babu wani launi baƙo, a juya shi a tace. Ana iya sha, ko a dama fura da shi, ko a zuba a ƙyalle ya tsane. Yauƙi mai jan zare kamar na miyar kuɓewa, in yana tare da ƙamshi mai daɗi, kefiran ne, alamar lafiyar iri ce ma. Irin ya taso sama ko ya nutse ƙasa, duka daidai ne. Ƴar kumfa da ɗan ƙara in an juya, aikin yis ne. Saman da ya yi ruwan ɗorawa kaɗan yawanci man madarar ne da ya taso ya bushe.

Sabon iri da ya yi tafiya, ko wanda aka sauya masa madara daga ta saniya zuwa ta gari, yakan yi kwana uku zuwa bakwai yana fitar da abu marar kauri ko mai warin yis. A ba shi madara kaɗan, kamar kofi ɗaya ga cokali ɗaya, a riƙa sauyawa kullum, a zubar da na farkon har ya dawo hayyacinsa.

Akwai abu ɗaya da ke tsaka-tsaki. Wani lokaci wata farar fata siririya mai yamutsi takan shimfiɗu a sama, ba ta da gashi, ba ta da launi. Tana fitowa ne idan ana barin kwalba ta daɗe ba a girgizawa. A kwashe saman, wannan zubin kada a sayar kuma kada a ba yara, a sauya kwalba, a gajarta lokaci. In ta ci gaba da dawowa, ko aka ga ta fara gashi, to a lissafa ta cikin na gaba.

Alamun da ba a jayayya da su

Funfuna ita ce ta farko. Tabo mai gashi-gashi kamar auduga, kore, baƙi, shuɗi ko toka-toka, a saman kefir ko a bakin kwalba daga ciki. Ta biyu launi: ja-ja, ruwan hoda ko ruwan lemu a madarar ko a jikin irin. In an ga ɗaya daga cikin biyun nan, a zubar da kefir ɗin da irin gaba ɗaya. Mun san yana da ciwo, amma kwashe saman ba ya isa. Abin da ido ya gani kan funfunar ne, saiwarta ta shiga ciki, wasu kuma suna zuba dafin da tafasa ba ta kashewa. Irin yana da ramuka da lunguna, wanki ba ya kai musu. A wanke kwalbar da sabulu, a ɗauraye, a tafasa ta cikin ruwa tare da ƙyallen da cokalin, a sayi sabon mataci in da hali.

Ta uku wari. Tsami, komai ƙarfinsa, yana sa yawu ya tsinke. Ruɓa kuwa tana sa a kau da kai: ɗoyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko nama, ko amai. Hancin da ya girma da nono ba ya rikita biyun nan. In hanci ya ƙi, kada harshe ya gwada. Ɗaci mai kama maƙogwaro shi ma alamar cewa wasu ƙwayoyin ne suka ci madarar.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari don ba ta da muni a ido: madarar da ta ƙi yin tsami. An zuba iri, awa 24 ta wuce a lokacin zafi, ko kwana biyu a lokacin ɗari, madarar tana nan tsararo, ko ta guntse amma babu ƙamshin tsami. Wannan ba kefir ba ne, madara ce da ta kwana a ɗumi babu mai gadi. Ba a sha, ba a sayarwa, ba a kuma ƙara mata lokaci wai ko za ta kama.

In hakan ya faru da irin da jiya lafiya lau yake aiki, a binciki abu uku. An zuba madarar da zafinta? Akwai sauran sabulu ko zabel a kwalbar? Ko an yi wa dabbar da aka tatsa allurar kashe ƙwayoyin cuta? Wannan na ukun yana faruwa fiye da yadda ake zato. Maganin yana fita cikin nono na wasu kwanaki, yana kashe bakteriyar iri kamar yadda yake kashe na cuta, kuma tafasa ba ta kawar da shi yadda za a dogara. Ba laifi ba ne a tambayi mai kawo nono cikin mutunci: «Inna, ko akwai wadda aka yi wa allura a garken kwanan nan?» In babu launi, babu funfuna, babu ɗoyi, ana iya ceto irin. A zubar da madarar, a ɗauraye irin da sabuwar madara daga wani wuri, a sa shi a kofi ɗaya, a sauya kullum. In ya fara kama madarar da ƙamshi mai kyau sau uku a jere, ya dawo. In an yi kwana goma babu canji, ko irin ya zama ruwan ƙasa, ko yana narkewa a yatsa kamar tuwon da ya kwana a ruwa, ya mutu.

A lura da wannan ma: madara tana iya yin tsami ko da irin ya mutu, domin akwai sauran bakteriya a kwalba da iska. Shaidar rai ita ce girma. A auna irin da cokali ɗaya tak kowace ranar taro, a rubuta a bayan littafi tare da awowin da yake ɗauka. In watannin sanyi sun zo aka yi mako shida bai ƙaru ba, a nemi sabo wurin ƴar'uwa.

Ajiye iri don ranar tsiya

Rarar iri dukiya ce, kuma hanyar ajiye ta uku ce. Don tafiyar biki ko suna ta ƴan kwanaki, a sa irin cikin madara mai yawa, a rufe, a sa a firigo. Zai kai mako ɗaya zuwa biyu. In kuran ya ɗauke na tsawon yini, irin ya farka ya ci madarar, sai a sauya masa. Bayan fitowa yakan ɗauki zubi biyu ko uku kafin ya koma saurinsa.

Don watanni, ana daskarar da shi. A ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta, a barbaɗe da madarar gari har ta rufe shi, a ƙulle a leda biyu, a sa a wurin ƙanƙara. Wannan hanya ta mai wutar da ba ta yawan yankewa ce, domin narkewa da sake daskarewa suna kashe shi a hankali.

Ga yawancinmu busarwa ta fi. A ɗauraye, a baza a kan ƙyalle mai tsabta a faranti, a kifa rariya a kai saboda ƙuda, a ajiye cikin ɗaki a inuwa. Ba a shanya shi a rana. Cikin kwana uku zuwa biyar zai ƙanƙance ya yi tauri ya koma ruwan ɗorawa. A zuba shi a ƙaramar kwalba da madarar gari, a toshe, a rubuta kwanan wata, a ajiye a wuri mafi sanyi. Yakan kai wata shida. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, iska a bushe take, zafi kuma babu, sai dai a kula da ƙura. Wato a busar a Janairu ko Fabrairu lokacin da irin yake kan ganiyarsa, domin a sami abin komawa in bazara ta yi ɓarna. Tayar da busasshe yana son haƙuri: madara kaɗan, sauyi kullum, mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba kowane dunƙule ke farfaɗowa ba.

Ajiyar da ta fi duka ita ce ta hannun mutane. Yadda ba mu barin makullan akwatin asusu a hannun mace ɗaya, haka bai kamata irin ƙungiya ya zauna a gida ɗaya ba. A raba shi gida uku, kowace da kwalbarta da matacinta, in da hali ma ba wurin mai nono ɗaya suke saye ba. In funfuna ta ci na ɗaya, ta zubar ba tare da dogon tunani ba, don ta san gobe za ta karɓi cokali ɗaya wurin ƴar'uwarta. Yawancin masu kwashe funfuna su ci gaba, tsoron rasa irin ne ke sa su.

Ga masu niyyar sayarwa, kefir da aka tace bai daina aiki ba. A wuri mai ɗumi yana ƙara tsami, yana kumbura leda, yana iya tashin murfin gora. A sa shi a firigo ko cikin kula da ƙanƙara da zarar an tace, wanda babu sanyin ajiye shi a sayar a ranar. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ne abincinsa, ba a ba shi kefir. Kuma duk wanda ya sha ya kama amai ko gudawa, a kai shi likita, a dakatar da sayarwa har a gano daga inda matsalar take. Kwalba ɗaya da aka yi shakkarta, lita ɗaya ce ta tafi. In aka ƙulla ta a leda aka kai kasuwa, sunan ƙungiya ne gaba ɗaya aka ɗora a faifai.